Cutar Perthes: me ya sa ake tseren lokaci da kan ƙashin cinyar yaro

Yaro ɗan shekara shida ko bakwai ya fara ɗingishi, ba faɗuwa ya yi ba, ba zazzaɓi, ba kumburi. Da safe ya tashi garau, sai da yamma bayan ya gama guje-guje a ga yana jan ƙafa ɗaya. Idan aka tambaye shi inda ke ciwo, sau da yawa gwiwa yake nunawa ko gaban cinya. A duba gwiwar, a ɗauki hotonta, a ga lafiyarta lau, a ba shi maganin rage zafi. Haka wata biyu ko uku za su shuɗe alhali matsalar tana can sama a ƙugu. Jijiyar da ke kai saƙon zafi daga gaɓar ƙugu tana da reshe da ya gangaro har gwiwa, shi ya sa ƙwaƙwalwa take ruɗewa kan inda ciwon ya fito. Likitocin ƙashi na yara suna da doka a kan wannan: duk yaron da ya zo da ciwon gwiwa ba tare da rauni ba, a duba masa ƙugu kafin ya fita.

Ɗaya daga cikin abubuwan da ake nema shi ne mutuwar kan ƙashin cinya saboda yankewar jini, wadda aka fi sani da cutar Perthes. A shekarar 1910 likitoci uku suka bayyana ta, kowa daga ƙasarsa ba tare da haɗa baki ba: Arthur Legg a Amurka, Jacques Calvé a Faransa, da Georg Perthes a Jamus. Kafin nan ana cakuɗa ta da tarin fuka na ƙashi. Ta fi kama yara tsakanin shekara 4 zuwa 8, maza sun ninka mata sau huɗu zuwa biyar, kuma a cikin yara goma kusan ɗaya ne take taɓa wa ƙugu biyu. Ko a wannan ɗin ba tare suke farawa ba, ɗaya yana gaba, ɗaya yana baya.

Abin da ya kamata a fara riƙewa shi ne cutar tana warkewa da kanta. Jinin da ya yanke zai dawo, ƙashin da ya mutu za a maye gurbinsa da sabo, ko an yi magani ko ba a yi ba. Tambayar da duk aikin likita ya rataya a kanta ita ce: da wace siffa kan ƙashin zai warke? Zai fito mulmulalle kamar ƙwallo ya ci gaba da juyawa a kwarminsa, ko zai baje ya bushe a haka?

Inda jinin yake yankewa

Kan ƙashin cinya ƙwallo ne da ke zaune a cikin wani kwarmi a ƙashin ƙugu. A jikin yaro, ƙwallon ba ƙashi ba ne zalla. Tsakiyarsa ce ƙashi, kewaye da ita kuma guringuntsi ne mai kauri, a ƙarƙashinta akwai layin girma, wato faifan guringuntsin da ke ƙara wa ƙashi tsawo. Wannan layin katanga ce, jijiyoyin jini daga wuyan ƙashi ba sa ƙetare shi. Saboda haka a waɗannan shekarun kusan duk jinin da ke ciyar da ƙwallon ta hanya ɗaya yake zuwa, wasu ƙananan jijiyoyi da suka hau ta bayan wuyan ƙashin suka shiga ta gefen waje. Idan wannan hanya ta toshe, babu wata ta ratse.

Kwatankwacin wannan mutuwar ƙashi tana faruwa ga yara masu sikila, da waɗanda suka daɗe suna shan magungunan sitiroyid, da waɗanda suka karye a wuyan ƙashin cinya. Idan aka duba aka ga babu ko ɗaya daga cikin waɗannan, sannan ne ake kiranta Perthes. Shi ya sa gwajin jini na sikila yake cikin binciken farko. Idan kuma hoto ya nuna ƙugu biyu sun lalace iri ɗaya, a mataki ɗaya, sai likita ya ja birki ya nemi wani dalili, kamar ƙarancin aikin tayiroyid, wato ƙullutun da ke gaban wuya, ko wata larurar girman ƙashi ta gado.

Ga wani abu da mutane da yawa ba sa kawowa a rai. Ƙashin da ya mutu ba shi ne mafi rauni ba. A watannin farko yana nan tsaye da siffarsa, kamar busasshen itace. Rauni yana zuwa ne lokacin da jini ya fara dawowa, domin sabbin jijiyoyi suna tafe da ƙwayoyin da aikinsu cinye mataccen ƙashi, kuma masu rushewar sun fi magina sauri. Akwai tsakanin da an kwashe tsohon gini, sabon bai tashi ba, ƙwallon ya zama kamar ɗanyen yumɓu. Duk abin da ya danne shi a wannan lokaci zai bar shaidarsa.

A gefe guda kuma guringuntsin da ke lulluɓe da ƙwallon bai mutu ba, don shi daga ruwan gaɓa yake samun abinci. Yana ci gaba da girma, har ma ya ƙara kauri. Gaɓar ta yi ɗan kumburi a ciki, tsokokin cikin cinya su ɗaure. Waɗannan tare suna tura ƙwallon waje kaɗan-kaɗan, har wani sashe nasa na gaba da na gefe ya leƙo daga ƙarƙashin rufin kwarmin. Yanzu bakin kwarmin, wanda ƙashi ne mai kaifi, ya sauka daidai kan wuri mai laushi. Kowane taku na tafiya yana ɗora wa gaɓar nauyin da ya ninka na jiki sau biyu zuwa uku, kuma ta wannan bakin yake bi. A nan ake samun lotsawa da bajewa.

Matakai huɗu, da abin da hoton ƙashi ke nunawa

Henning Waldenström, likita ɗan ƙasar Suwidin, shi ya fara tsara tafiyar cutar mataki-mataki, kuma har yau a kan tsarinsa ake gini. Ana ɗaukar hoto iri biyu, na ƙugu gaba ɗaya domin a kwatanta da ɓangaren da ke lafiya: ɗaya daga gaba yaro yana miƙe, ɗaya kuma ya buɗe cinyoyi ya lanƙwasa gwiwa irin zaman kwaɗo.

A mataki na farko, na mutuwar ƙashi, hoton eksire yana iya fitowa kamar ba komai. Mai kaifin ido zai lura tsakiyar ƙwallon ta ɗan fi ta ɗaya ɓangaren ƙanƙanta, don ta daina girma, kuma ratar da ke tsakaninta da cikin kwarmi ta ɗan buɗe, don guringuntsi ya yi kauri. Daga baya ƙashin ya yi fari fat a hoto fiye da maƙwabtansa. Wani lokaci a hoton zaman kwaɗo ana ganin siririn baƙin layi a ƙarƙashin saman ƙwallon, mai lanƙwasa kamar jinjirin wata. Tsagewa ce a cikin mataccen ƙashi, kuma tsawonta yana nuna iyakar yankin da ya mutu: idan ta wuce rabin faɗin ƙwallon, ɓarnar babba ce. Matsalarta ita ce ba ta daɗewa, kuma ba a kowane yaro ake dacewa da ganinta ba. Wannan mataki yakan ɗauki kamar wata shida.

Na biyu shi ne matakin farfashewa. Farin ƙashin nan ya fara tsattsagewa, baƙaƙen layuka su ratsa shi, har ya zama kamar gutsattsari a warwatse. Iyaye idan suka ga wannan hoto hankalinsu yakan tashi, suna ganin ƙashin ɗansu ya ruguje. Gaskiyar ita ce baƙaƙen wuraren ba rami ba ne, nama ne mai rai da guringuntsi waɗanda eksire ba ya gani. Amma a wannan mataki ne ƙwallon ya fi laushi, kuma a cikinsa ake yin asarar siffa. Yakan kai wata takwas, ko ya wuce.

Na uku, sabon ƙashi ya fara bayyana, yawanci daga gefe yana cikowa zuwa tsakiya. Shi ne mafi tsawo, shekara biyu zuwa huɗu ba abin mamaki ba ne. Na huɗu kuma warkewa ce, inda ƙwallon da kwarmin suke ci gaba da daidaita juna a hankali har yaro ya gama girma.

Benjamin Joseph da abokan aikinsa a kudancin Indiya sun raba kowane ɗaya daga matakai ukun farko gida biyu, na farko-farko da na ƙarshe-ƙarshe. A ganina wannan rabon ya fi kowane amfani ga mai yanke hukunci, saboda layin da ya ja a tsakiyar mataki na biyu. A farkon farfashewa tsaga ɗaya ko biyu ake gani a tsaye. A ƙarshenta ƙwallon ya farfashe sosai amma sabon ƙashi bai leƙo ba tukuna. Sun nuna cewa a wannan rabi na biyu ne ƙwallon yake zamewa waje da sauri ya lotsa, kuma idan abin da ya leƙo waje ya haura kashi 20 cikin 100 na faɗinsa, haɗarin bajewar da ba ta gyaruwa yana ƙaruwa ƙwarai. Kowane ɗaya daga waɗannan ƙananan matakai na farko wata uku ne zuwa huɗu. Ka cire watannin da aka ɓata ana duba gwiwa, ka ga abin da ya rage.

Hoton maganaɗisu, wato em-ar-ai, yana ganin abin da eksire ya makance a kai. Yana gano cutar tun kafin ƙashi ya canza a eksire, yana nuna ainihin siffar guringuntsi, kuma idan aka yi wa yaro allurar wani ruwa mai haska jini, yana nuna yawan sashen ƙwallon da jini ba ya kaiwa. Amfaninsa shi ne yana ba da wannan amsa da wuri. Wahalarsa kuma ƙaramin yaro ba ya iya kwanciya shiru tsawon lokacin ɗauka, sai an sa shi barci.

Ginshiƙin gefe

Mataki yana gaya maka inda cuta ta kai a tafiyarta. Bai gaya maka tsananinta ba. Don wannan akwai ma'aunai da dama. Anthony Catterall ya kawo nasa a 1971, mai rukuni huɗu gwargwadon yawan ƙwallon da ya mutu, amma likitoci biyu sukan kalli hoto ɗaya su saɓa a kansa. Wanda aka fi aiki da shi yanzu shi ne na John Herring na 1992, kuma dabararsa mai sauƙi ce.

A hoton gaba, a raba ƙwallon gida uku a tsaye: na ciki, na tsakiya, da na gefen waje. Na tsakiya shi ne yakan mutu. Na gefen wajen shi ake kira ginshiƙin gefe, don shi ne yake tallafe da nauyi ya hana rufin kwarmi danne tsakiyar da ta yi laushi. Ana auna tsayinsa a kwatanta da na ƙugun da ke lafiya. Idan bai ragu ba ko kaɗan, rukunin A ke nan. Idan ya ragu amma fiye da rabi yana tsaye, B. Idan ƙasa da rabi ya rage, C. Daga baya aka ƙara wani rukuni a kan iyakar B da C, don ginshiƙin da tsayinsa ya tsaya daf da rabi, ko ya yi siriri, ko ƙashinsa ya yi rauni.

A 2004 Herring da abokan aikinsa suka fitar da sakamakon wani babban bincike da aka yi a asibitoci da yawa kan yara sama da 400, waɗanda cutar ta kama su tsakanin shekara 6 da 12. Abin da ya fito shi ne har yau ake yawan kafa hujja da shi. Yaran da suka haura shekara 8 lokacin da cutar ta fara, kuma suke rukunin B ko na kan iyaka, sun fi samun ƙwallo mai kyau idan an yi musu tiyata. Waɗanda ba su kai 8 ba a rukunin B sun yi kyau ko an yi ko ba a yi ba. Rukunin C kuwa sakamakonsa bai yi daɗi ba kowace hanya aka bi.

Shekaru suna da wannan nauyi ne don dalili biyu. Ƙaramin yaro yawancin ƙwallonsa guringuntsi ne, tsakiyar ƙashin da za ta mutu ƙarama ce. Sannan yana da shekaru masu yawa na girma a gaba, waɗanda kwarmi da ƙwallo za su yi ta gyara juna. Ɗan shekara tara ba shi da wannan rarar. Yarinya ma ba ta da ita sosai, don mata sun riga maza rufe girma, shi ya sa idan cutar ta kama mace takan fi barin tabo.

Sai dai akwai ƙulli a nan, kuma shi ne ya raba kan likitoci. Ginshiƙin gefe ba ya bayyana ainihin rukuninsa sai farfashewa ta yi nisa. Ƙugun da aka ce B ne yau, bayan wata uku yana iya zama C. Wato ma'aunin yana ba da tabbatacciyar amsa ne a daidai lokacin da ƙofar gyara take rufewa. Wanda ya jira tabbaci yana iya makara, wanda ya yi gaggawa kuma yana iya yanka yaron da da ma zai warke lafiya. Ni dai hujjar masu cewa kada a jira ga babban yaro ta fi gamsar da ni, domin C ɗin da ake cewa tiyata ba ta amfanarsa, a wasu lokuta B ne da aka bari ya rushe.

Mayar da ƙwallo cikin kwarminsa

Tunda ba a iya dawo da jini da hannu, kuma ba a iya hana ƙwallon yin laushi, abin da ya rage shi ne a zaɓar masa mazubi. Kwarmin ƙugu zagayayye ne. Idan ɗanyen yumɓun nan ya zauna can ciki, kuma yana jujjuyawa a kullum, zai bushe da siffar kwarmin. Idan rabinsa yana waje, bakin kwarmin zai yi masa tsagi. Duk hanyoyin maganin da ake jin sunayensu, wannan manufa ɗaya suke bi.

Sharaɗi na farko shi ne motsi. Ƙwallon yana nutsewa cikin kwarmi ne idan aka buɗe ƙafa gefe aka ɗan juya ta ciki, kuma waɗannan motsi biyu su ne cutar take fara ƙwacewa. Lafiyayyen yaro yana buɗe cinya kusan digiri 45. Idan ya koma 20 ko 15, babu maganar mayar da ƙwallo sai an fara saki. Ana rage masa gudu da tsalle, a ba shi sanduna ko keken zama na wani lokaci, a ba shi maganin kumburi, a riƙa miƙa masa tsokokin cikin cinya kowace rana. Iyo a ruwa yana da kyau, don yana motsa gaɓa ba tare da ɗora mata nauyi ba. Idan tsokar ta ƙi saki, akan ɗan yanke agararta a matsematsi, a sa filasta a ƙafafu biyu da sanda a tsakani ta riƙe su a buɗe na kamar mako shida.

Ga yaro ɗan ƙasa da shekara 6, yawanci iyakar maganin ke nan, tare da hoto duk bayan wata uku ko huɗu. Ba sakaci ba ne. Amma sa ido ne na gaske, don ko ƙaramin yaro idan ƙwallonsa ya fara zamewa waje, lissafi ya canza.

An daɗe ana ɗaura wa yara takalmin ƙarfe mai buɗe ƙafafu su riƙa yawo da shi. Binciken da aka yi kan irin wanda aka fi amfani da shi a da ya nuna bai canza sakamako ba ga yara masu cuta mai tsanani, don haka ya ja baya. Ko ba komai, riƙe yaro mai ƙiriniya a cikin ƙarfe shekara ɗaya da rabi ba ƙaramin aiki ba ne, kuma yaran Perthes an san su da rashin zama wuri ɗaya.

Tiyata iri biyu ce a taƙaice. Ko a yanka ƙashin cinya ƙasa da wuya, a karkatar da kan zuwa cikin kwarmi, a ɗaure da faranti da kusoshi. Ko a yanka ƙashin ƙugu a juyo da rufin kwarmin ya rufe ƙwallon ta gaba da gefe, wanda aka fi sani da aikin Salter, ko a ƙara wa rufin baranda da ɗan ƙashi. Binciken 2004 bai nuna wani bambanci a fili tsakanin na cinya da na ƙugu ba.

A ɗauki misalin yaro guda

A ce yaro ne ɗan shekara takwas da rabi, ya yi wata uku yana ɗingishi da ƙafar dama. An kwantar da shi, cinyar hagu ta buɗe digiri 45, ta dama ta tsaya a 25. An kifa shi an juya ƙafafun, ta dama da ƙyar take juyawa ciki. Cinyar dama ta ɗan rame. Ba zazzaɓi, gwajin jini bai nuna ƙwayar cuta ba, ba sikila. A hoto ƙwallon dama ya yi fari, ya ɗan rage tsayi, ba tsaga ko ɗaya. Ƙarshen mataki na farko ke nan.

Sai a auna zamewa. Ana jan layi a tsaye daga bakin rufin kwarmi zuwa ƙasa, a auna abin da ya leƙo wajen layin, a raba da faɗin ƙwallon da ke lafiya. A ce faɗin milimita 40 ne, abin da ya leƙo milimita 5. Kashi 12 da ɗigo cikin 100 ke nan, bai kai iyakar haɗari ba. Aka ba shi sanduna da atisaye, aka ce ya dawo bayan wata uku. Wani likitan da tun a ranar zai ba da shawarar tiyata saboda shekarunsa kaɗai, kuma ba za a ce ya yi kuskure ba.

Ya dawo. Yanzu akwai tsaga biyu a tsaye a cikin farin ƙashin, farfashewa ta fara. Abin da ya leƙo waje ya kai milimita 9, wato kashi 22 da rabi cikin 100. Ginshiƙin gefe na hagu milimita 14 ne, na dama 9, kusan kashi 64 cikin 100, rukunin B ke nan a yau. Abubuwa uku sun haɗu: ya haura shekara 8, zamewa ta ƙetare kashi 20, kuma ƙwallon bai kai ga rushewa ba tukuna. Wani jiran wata ukun zai iya cinye damar.

Kafin wuƙa ta taɓa shi, akwai gwaji ɗaya da ba a tsallakewa. Bayan an sa shi barci, tsokoki sun saki, ana zuba rini a cikin gaɓar, ya zagaye guringuntsi ya fito da ainihin siffar ƙwallon a allon hoto. Likita ya buɗe ƙafar a hankali yana kallo. Idan ƙwallon ya sulale ya shige ƙarƙashin rufi, rinin ya kwanta siriri daidai-wa-daida a kewaye, to ana iya riƙe shi a ciki. A yaron nan ya shige da aka buɗe digiri 30 aka ɗan juya ciki. Kusurwar da ke tsakanin wuyan ƙashinsa da gangar jikin ƙashin digiri 135 ce. Aka yanka, aka rage ta da digiri 15 ta koma 120, aka ɗaure. Yanzu ko yana tsaye ƙafafu a haɗe, ƙwallon yana zaune inda a da sai an buɗe ƙafa yake kaiwa.

Ba a zarcewa a karkatarwar. Idan kusurwar ta sauka ƙasa da digiri 110, tudun ƙashin da tsokokin gefen ƙugu suke kamawa zai hau sama da yawa, tsokokin su rasa ƙarfin ja, yaro ya riƙa tafiya yana karkata jiki a kowane taku. Ko an yi daidai, iyaye su san ƙafar za ta ɗan gajarta, santimita ɗaya ko fiye kaɗan, kuma ɗingishin yakan ƙaru na wasu watanni kafin ya lafa. Ba zai taka ƙafar ba sai yankan ya haɗe, kamar mako shida zuwa takwas. Akwai kuma wata tiyatar ta biyu daga baya don cire farantin. Hotunan da za a ɗauka bayan aikin ma za su ci gaba da nuna farfashewa, wani lokaci har su fi na da muni, domin tiyatar ba ta tsayar da cutar ba, matsugunin ƙwallon kawai ta canza.

Yanzu a ce wannan yaron bai zo ba sai bayan shekara guda da rabi. Ƙwallon ya baje, ya yi faɗi fiye da kwarminsa, gefensa ya yi tudu a waje, bakin rufi ya yi masa kwari a sama. An zuba rini, an buɗe ƙafa, sai tudun ya tokare bakin kwarmi. Maimakon ƙwallon ya shige, sai ya ɗago daga ciki kamar yadda ƙyauren ƙofa ke buɗewa, rinin ya taru ya yi tafki a can ciki. Wannan alama ce ta an makara. Tura irin wannan ƙwallon ciki da ƙarfi ƙara murƙushe shi ne. A nan manufar ta juya, ana yanka ƙashin a karkatar da shi akasin na farko, domin a janye tudun daga bakin rufi, zafi ya ragu, ƙafa ta samu buɗewa. Aikin ceto ne, ba ya mayar da zagaye.

Sakamakon ƙarshe ba a karanta shi sai yaro ya gama girma, kuma ma'aunin David Stulberg na 1981 ake amfani da shi, mai aji biyar. A aji na ɗaya da na biyu ƙwallon zagayayye ne, ko da ya fi na ɗaya ɓangaren girma ko wuyansa ya gajarta, kuma waɗannan ƙugu suna kai mutum tsufa ba tare da wata matsala ta musamman ba. A na uku ya zama kamar ƙwai, a na huɗu ya baje, amma a duka biyun kwarmin ya bi shi sun dace da juna, don haka mutum yakan yi shekaru masu yawa yana harkokinsa kafin amosanin gaɓa ya taso a tsakiyar rayuwa ko bayanta. Aji na biyar shi ne bajajjen ƙwallo a cikin zagayayyen kwarmin da bai samu lokacin canzawa ba. Wannan ya fi faruwa ga yaran da cutar ta kama su da girmansu, kuma su ne gaɓar takan cinye da wuri, sau da yawa kafin shekara 50, har a kai ga sauya ta da ta ƙarfe.